Lambobin sassa sun rikice a doguwar yarjejeniya: ta ina za a fara gyara?

"Barista, barka da aiki. An ba ni yarjejeniyar samar da kaya mai shafi 58 in duba kafin a sa hannu. Na ga sashe na 14 ya fito sau biyu, na 17 babu shi kwata-kwata, wasu ƙananan sassa kuma sun shige ciki fiye da 'yan'uwansu. Shugabana ya ce in daidaita lambobin kawai in buga. Yin hakan ya wadatar?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Bai wadatar ba, kuma ina roƙonka kada ka taɓa lamba ko ɗaya tukuna. Lambar sashe kamar lambar gida ce a kan titi: idan ka sauya lambobin gidaje ba ka sanar da masu aiko wasiƙa ba, wasiƙu za su ci gaba da zuwa, sai dai gidan da ba nasu ba za su riƙa shiga. A doguwar yarjejeniya, masu aiko wasiƙar su ne jimlolin da ke nuni zuwa wani sashe, irin su "bisa tanadin sashe na 14" ko "in ban da abin da sashe na 9.3 ya ce". A takarda mai tsawon taka za ka same su barbaje ko'ina, har cikin rataye. Lambobin da ka gani a karkace, a halin da suke yanzu, su ne shaidar da za ta nuna maka abin da ya faru da takardar a hannun waɗanda suka riga ka taɓa ta. Da zarar ka jera su daidai, ka share shaidar, kuma takardar za ta yi kyau a ido alhali tana faɗin abin da ba wanda ya amince da shi.

Saboda haka abu na farko shi ne ka ajiye kwafin da aka ba ka yadda yake, ka yi aiki a kan wani kwafin daban. Na biyu, ka nemi daftarin da ya gabaci wannan, ko da na mako biyu da suka wuce ne.

Abin da 14 biyu da rashin 17 ke iya nufi

Ban ga takardarka ba, don haka zan ɗora misali a kan lambobinka. Mu ɗauka jerin ya zo haka: 14 Inshora, 14 Iyakar diyya, 15 Riƙe sirri, 16 Soke yarjejeniya, sai 18 Hanyar ba da sanarwa. Sassa biyar ke nan, kuma daga 14 zuwa 18 lambobi biyar ne. Duk wanda ya ƙirga zai ce ai lissafi ya fita, babu abin da ya ɓace, lambobi uku ne kawai suka zame baya da ɗaya. Wannan fassara ce mai yiwuwa, kuma ita shugabanka ya ɗauka.

Akwai fassara ta biyu da ke ba da jeri iri ɗaya sak. Asalin takardar tana da 14 Iyakar diyya, 15 Riƙe sirri, 16 Soke yarjejeniya, 17 wani sashe, 18 Sanarwa. Ana cikin tattaunawa wani ya kwafo sashen Inshora daga wata tsohuwar yarjejeniya ya liƙa, ya zo da lambarsa ta 14. A wani zagayen kuma wani ya goge sashe na 17, ko da gangan ko da kuskure. Ƙari ɗaya, ragi ɗaya, jimilla ba ta sauya ba. Ido ba zai iya raba waɗannan labarai biyu ba. Jimlolin nuni ne za su raba.

Ka je sashen da ke lissafa abubuwan da za su ci gaba da aiki bayan yarjejeniya ta ƙare, wanda yawanci yana kusa da ƙarshe. A ce ya rubuta: "Sashe na 14, 15 da 22 za su ci gaba da aiki bayan ƙarewar wannan yarjejeniya." Ka tambayi kanka, waɗanne abubuwa ne mutane kan so su ɗore bayan an rabu? Iyakar diyya da riƙe sirri suna sahun gaba. Wannan ya yi daidai da labari na biyu, inda 14 ke nufin diyya, 15 ke nufin sirri. To yanzu dubi abin da zai faru idan ka bi umarnin da aka ba ka: Inshora ta zauna a 14, Iyakar diyya ta koma 15, Riƙe sirri ya koma 16. Jimlar nan ba ka taɓa ta ba, amma ta daina ambaton sirri. Ranar da yarjejeniya ta ƙare, ɗaya ɓangaren zai iya cewa wajibin ɓoye farashinku da sunayen abokan cinikinku ya ƙare tare da ita, kuma takardar da ka buga da hannunka ce zai nuna.

Sai ka nemi duk inda aka ambaci 17. Idan ka ci karo da jimla a sashe na 9.3 mai cewa "duk saɓani kan ingancin kaya za a warware shi bisa sashe na 17", ka samu amsarka: an taɓa samun sashen warware saɓani, kuma ya fita. Da ka daidaita lambobi, 17 zai zama Soke yarjejeniya, jimlar kuma za ta karantu kamar ana cewa saɓani kan inganci soke yarjejeniya ne maganinsa. Wannan ba aikin mai dubawa ba ne ya yanke. Tambaya ce da za a mayar wa masu tattaunawar: kun cire shi da gangan ne, ko faɗuwa ya yi? Idan da gangan ne, 9.3 na buƙatar sabon rubutu. Idan faɗuwa ya yi, a dawo da shi daga tsohon daftari.

Kafin duk wannan ma, idan bugaggiyar takarda ce ko hoton shafuka aka ba ka, duba lambobin shafi, ka kuma duba ko jimlar ƙarshen shafin da 16 ya ƙare tana haɗuwa da farkon shafi na gaba. Sau da yawa sashen da ya ɓace yana nan lafiya a cikin fayil, na'urar ɗaukar hoto ce ta ja shafi biyu a haɗe. Jadawalin abin da ke ciki, idan akwai shi a farkon takardar, shi ma shaida ne, domin ba kowa ke tunawa ya sabunta shi ba, sai ya zauna da tsofaffin kanun sassa da tsofaffin lambobinsu.

Layin da ya shige ciki ya fi lambar da ta maimaitu haɗari

A cikin abubuwa ukun da ka ambata, wanda ka sa a ƙarshe shi na fi jin tsoro. Lambar da ta maimaitu tana kiran ido, wani zai gani ya tambaya. Layin da ya matsa ciki da ɗan yatsa ɗaya ba ya kiran kowa, kuma yana iya sauya haƙƙin mutum gaba ɗaya. Na taɓa duba wata yarjejeniya da aka riga aka sa wa hannu, rigimar ɓangarorin biyu duka a kan irin wannan ginin take:

16.2 Mai saye zai iya soke wannan yarjejeniya idan mai kaya:
(a) ya jinkirta kawo kaya fiye da kwana 30;
(b) ya kawo kayan da ba su cika ƙa'idar da ke rataye na 2 ba, ko
(c) ya karya wani sharaɗi na daban,
muddin an ba shi sanarwa a rubuce kuma ya kasa gyarawa cikin kwana 14.

Dubi layin ƙarshe, wanda ya fara da "muddin". Idan ya tsaya a layi na kansa, gefensa na hagu ya yi daidai da rubutun 16.2, mai karatu zai ɗauka ya rufe (a) da (b) da (c) duka. Idan kuma ya manne a jikin (c), ko ya shige ciki ya yi daidai da rubutun (c), sai a karanta shi a matsayin wutsiyar (c) kaɗai. Kalmomin ba su sauya ba ko ɗaya. Amma a karatu na farko, idan kaya sun makara, mai saye zai aika sanarwa a rana ta 31 ya jira kwana 14, ba zai iya sokewa ba sai wajen rana ta 45, kuma idan kayan suka iso a rana ta 40 damar ta wuce. A karatu na biyu zai iya sokewa a rana ta 31 ba tare da jiran komai ba. Wanda ya soke yarjejeniya ba tare da yana da ikon sokewa ba, shi ne kan wayi gari a matsayin wanda ya karya ta, a nemi diyya a wurinsa. A rigimar da na ambata, kwafin da ke hannun wannan ɓangare da wanda ke hannun wancan ma ba su nuna layin a wuri ɗaya ba, domin an buga su daga kwamfutoci daban-daban.

Maganin wannan ya wuce mayar da layin inda ya dace. Ma'anar da ta dogara ga tazarar gefen shafi kaɗai ma'ana ce mai rauni, za ta iya sake karyewa a bugu na gaba, ko ranar da wani ya kwafe sashen cikin wasiƙa. Idan na tarar da irin wannan wutsiya, nakan nemi a cire ta a ba ta lambarta: 16.3 "Mai saye ba zai soke yarjejeniya bisa sashe na 16.2(a), (b) ko (c) ba sai ya ba da sanarwa a rubuce kuma kwana 14 sun wuce ba a gyara ba." Idan kuwa (c) kaɗai ake nufi, a rubuta (c) kaɗai. Kafin ka rubuta ko wanne, sai an tambayi masu yarjejeniyar abin da suka nufa, domin amsar tana da nauyin kwana 14.

Akwai ɗan'uwan wannan kuskure, wato sashe ya sauka mataki. Abin da ya kamata ya zama 12.4, mai cin gashin kansa, sai ya bayyana a matsayin 12.3(d) ko 12.3.1. Daga nan ya shiga ƙarƙashin jimlar buɗewa ta 12.3, ya gaji duk sharuɗɗanta. Hanyar gane shi mai sauƙi ce: karanta jimlar buɗewar da babbar murya, ka zarce kai tsaye zuwa kowane ƙaramin sashe ɗaya bayan ɗaya, kamar jimla guda. Wanda nahawunsa bai haɗu da buɗewar ba, ko ya fara sabuwar magana da nasa mai aikatawa, mai yiwuwa ba a nan gidansa yake ba. Ka kuma lura da "da" ko "ko" da ke gaban abu na ƙarshe a jeri. Idan ka gan shi a ƙarshen (b) alhali jerin ya kai (d), an yi ƙari bayan an gama rubutun farko.

Yadda kuskuren ke shiga fayil

Yawancin irin waɗannan takardu a Microsoft Word ake rubuta su, kuma tushen matsalar kusan kullum ɗaya ne: lambobi iri biyu sun cakuɗe a fayil guda. Wasu an buga su da hannu, rubutu ne kamar kowane rubutu. Wasu kuma manhajar ce ke ƙirga su da kanta. Ka danna kan lambar da linzami. Idan ta manhaja ce, za ta yi duhu tare da sauran 'yan jerinta, kuma ba za ka iya sa alamar rubutu tsakanin 1 da 4 ba. Idan ta hannu ce, za ka iya shiga tsakiyarta ka goge. Gwada wannan a kan 14 ɗinka guda biyu. Idan ɗaya ta hannu ce ɗaya ta manhaja, ka gano baƙon da aka liƙo, domin ƙirgar manhaja ba ta ganin lambar hannu, tsallake ta take yi ta ba na gaba 14.

Daga nan danna Ctrl+Shift+8 don alamomin sakin layi su bayyana. Word yana ajiye lamba da tazarar kowane sakin layi a cikin alamar ¶ da ke ƙarshensa, shi ya sa goge ta ke haɗe sassa biyu ya haɗiye lamba ɗaya. Idan ka ga 'yar lanƙwasasshiyar kibiya a ƙarshen (c) maimakon ¶, an danna Shift+Enter ne, kuma layin "muddin" har yanzu cikin sakin layin (c) yake, ko da ya sauko ƙasa. Danna Tab a farkon sashe mai lambar manhaja kuma yana saukar da shi mataki ɗaya, Shift+Tab ya mayar da shi sama. Ta nan 12.4 ke zama 12.3.1 ba tare da kowa ya yi niyya ba. Fayil ɗin da aka juyo daga PDF ya fi kowanne rikici, domin tazararsa da lambobinsa kintace ne manhajar ta yi daga kamannin shafi.

Jimlolin nuni su ma iri biyu ne. Danna Alt+F9: waɗanda ke da rai za su rikiɗe su nuna wani abu mai farawa da REF a cikin baka, na hannu kuwa za su zauna yadda suke. Masu rai suna bin sashensu duk inda ya koma, amma sai an sabunta su da Ctrl+A sannan F9, kuma wannan ba ya kaiwa ga rubutun kan shafi da na ƙasan shafi da akwatunan rubutu, sai an shiga kowanne. Bayan sabuntawa ka nemi wannan saƙo:

```
Error! Reference source not found.
```

Duk inda ya fito, sashen da ake nuni gare shi an goge shi. Ka kuma nemi nunin da ya koma 0, wanda ke faruwa idan sakin layin yana nan amma ya rasa lambarsa. Abu ɗaya da ke yaudarar mutane: idan Track Changes, mai nuna sawun kowane gyara, na kunne, sashen da aka goge bai fita da gaske ba sai an karɓi gyaran, don haka nunin da ke kallonsa ba zai nuna ya karye ba. Ka yi wannan gwaji a kan kwafin da ka karɓi duk gyare-gyare a cikinsa.

Tsarin gyaran

Na saba yin tebur mai layi uku a takarda daban: inda nunin yake, lambar da ya ambata, da kanun sashen da yake nufi bisa ma'anar jimlar. Ka yi amfani da Ctrl+F ka nemi kalmar da takardar ke kiran sashe da ita, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, har da rataye da sashen ma'anar kalmomi. Ka kula da jimlolin da suka jera lambobi da yawa bayan kalma ɗaya, da masu cewa "daga sashe na 13 zuwa na 16", domin liƙa sabon sashe a tsakiya yana shigar da shi cikin zangon ba tare da an yi shawara ba. Layi na uku shi ne aikin. Ba manhajar da za ta cike maka shi. Inda ka kasa tantance wane 14 ake nufi, ka sa alamar tambaya, kada ka yi kintace. Compare da ke ƙarƙashin Review zai nuna maka bambancin wannan daftari da tsohon, kuma yawancin alamomin tambayarka a nan za su warware.

Sai teburin ya cika sannan a yanke yadda za a yi da lambobin, kuma hanya biyu ce. Idan tattaunawa ba ta yi nisa ba, kuma ba wata takarda a waje da ke ambaton waɗannan lambobi, a sake jera su gaba ɗaya. A gina jeri guda ta Define New Multilevel List, a ɗaure kowane mataki da salon rubutunsa, a goge lambobin hannu, a mayar da nuni duka masu rai ta Cross-reference. Ban cika son Restart at 1 da Set Numbering Value a matsayin magani ba. Suna gyara abin da ido ke gani yau, amma faci ne, gyara na gaba zai iya tayar da shi.

Idan kuwa an kusa sa hannu, kamar yadda naka yake, kuma akwai takardar lamuni, ko wasiƙar amincewar hukumar kamfani, ko saƙonnin tattaunawa da ke cewa "mun yarda da sashe na 15 yadda yake", to na fi son a bar tsofaffin lambobi a inda suke. Baƙon sashen a ba shi 13A ko 14A gwargwadon inda ya zauna. Gurbin 17, idan an tabbatar da gangan aka cire shi, a bar lambar a rubuta cewa an bar ta babu komai da gangan; a takardun Turanci za ka ga Intentionally omitted ko Not used. Bai kai jeri mai santsi kyau ba, amma ba nunin da ya motsa, kuma wanda zai karanta bayan shekara biyar ba zai yi zaton shafi ya ɓace ba. Ko wace hanya aka bi, ina ba da shawarar kowane nuni ya ɗauki kanun sashensa, a rubuta "sashe na 15 (Riƙe sirri)". Ranar da lamba ta sake zamewa, kanun zai tona kuskuren, ya kuma nuna abin da aka nufa.

Kada a yi wannan gyara a ɓoye. A aika wa ɗaya ɓangaren kwafin da ke nuna kowane sauyi, da ɗan bayani cewa ga abin da aka taɓa na lamba kawai, ga kuma wurare biyu ko uku da ke buƙatar amsarsu. Gyaran da aka yi shiru, ko da niyya mai kyau ce, yana iya zama abin zargi daga baya. Bayan an amince, a fitar da PDF guda, a karanta lambobinsa daga farko zuwa ƙarshe a bugaggiyar takarda, kuma shi kowa zai sa wa hannu.

Idan an riga an sa hannu kafin a gano

Wannan ba halinka ba ne, amma ya kamata ka san abin da kake kauce wa. Bayan sa hannu ba mai ikon buɗe fayil ya gyara shi kaɗai ya musanya shafi. Hanya mai tsabta ita ce gajeriyar takardar gyara da ɓangarorin duka za su sa wa hannu, bisa yadda sashen gyare-gyare na yarjejeniyar ya tanada, tana cewa sashen da kanunsa Inshora za a kira shi 13A, kuma nunin da ke 9.3 ga yadda za a karanta shi. Idan ɗaya ɓangaren ya ƙi, saboda kuskuren ya zo masa da riba, sai kotu ko mai sasantawa. Kotuna a ƙasashe da dama suna gyara kuskuren rubutu ta hanyar fassara. A Ingila, shari'ar Chartbrook da Persimmon Homes ta 2009 ta jaddada sharuɗɗa biyu: ya kasance a fili cewa an yi kuskure a lafazin, kuma ya kasance a fili abin da mai hankali zai fahimci ɓangarorin sun nufa. Nunin da ya ce 17 alhali sashe ɗaya tak ne ke maganar saɓani zai iya cika sharuɗɗan nan cikin sauƙi. Nunin da ya ce 14 alhali Inshora da Iyakar diyya duka za su iya shiga jimlar su ba da ma'ana, ya cika na farko ya faɗi a na biyu. Layin "muddin" ya fi su wuya, domin duka karatun biyu suna da ma'ana a ciniki, ba abin da ke nuna kuskure a fuskar takardar. Yadda za a yanke ya danganta ga dokar ƙasar da yarjejeniyar ta zaɓa, kuma wannan sai lauyan da ya riƙe takardar a hannunsa.

Game da shugabanka, kada ka je masa da cewa lambobi sun lalace, ya riga ya sani. Ka kai masa teburin, ka nuna masa jimla ɗaya da ma'anarta za ta sauya idan aka jera lambobin yau, ka nemi kwana ɗaya da tsohon daftari, da sunan wanda ya yi gyara na ƙarshe a ɓangarenku don a tambaye shi labarin sashe na 17.